Takardun ɗaukar aiki uku a kan tabarma ɗaya

Ɗan yayata ya shigo gidana a Malali, cikin garin Kaduna, bayan sallar Isha'i da takardu uku a cikin ambulan. Akanta ne, yana da mata ɗaya da yara biyu, matar kuma tana da ciki wata huɗu. Bayan wata da watanni yana neman aiki, sai wurare uku suka amsa masa cikin mako biyu: wani kamfanin sarrafa abinci a Kakuri, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin raya karkara, da wani kamfanin kasuwanci a titin Ahmadu Bello.

"Kawu, na ma riga na zaɓa," in ji shi. "Ƙungiyar nan miliyan shida ta rubuta. Na Kakuri miliyan huɗu da dubu ɗari takwas ne. Albarka kawai na zo ka sa mini."

Na yi shekaru ina haɗa albashin ma'aikata, na kuma san yadda ake gina adadin da ake sawa a saman takarda. Na ce masa albarka tana nan, amma ya fara ɗauko biro da fallen takarda. Abin da muka yi a daren nan da kwana biyar da suka biyo baya shi ne nake so in bayyana, domin akwai masu riƙe da irin waɗannan takardu da yawa a garin nan.

Adadin sama ba abu ɗaya yake nufi ba

Mun ja layi muka raba fallen gida uku, kowace takarda da gidanta. Sannan na sa masa sharaɗi ɗaya: duk nairar da aka ambata sai mun san inda take sauka. Ko dai tana shiga asusunsa na banki kowane wata ba tare da wani sharaɗi ba, ko tana zuwa ne in wani abu ya faru, ko kuma ba za ta taɓa ratsa hannunsa ba, wani wuri za a biya ta da sunansa. Abin da takarda ba ta faɗa ba kuwa, ba ma cike shi da zato. Mu bar gurbin fayau, mu sa alamar tambaya.

Takardar Kakuri ce mafi sauƙin karantawa. Naira 400,000 a wata, an kuma rarraba ta: ainihin albashi, wanda ma'aikata ke kira besik, 120,000, alawus ɗin gida 80,000, na sufuri 40,000, sauran 160,000 kuma an watsa su a kan abinci, wuta da ruwa, da makamantansu. A ƙasa an ƙara kuɗin hutu sau ɗaya a shekara, kashi 10 cikin ɗari na besik ɗin shekara, wato 144,000.

Ta ƙungiyar ce ta ɗauke mu lokaci, domin miliyan shidan a shafi na farko take, bayaninta kuma yana can a shafi na huɗu cikin ƙananan haruffa. Da muka warware ta, albashin wata 350,000 ne, wato miliyan huɗu da dubu ɗari biyu a shekara. Ragowar miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ta fito ne daga abubuwa huɗu: kason fansho da ƙungiyar za ta biya, 420,000, kuɗin inshorar lafiya da za ta ba wa kamfanin inshora, 250,000, albashin wata na goma sha uku, 350,000, da alawus ɗin fita aiki ƙauye, 780,000. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka rubuta shi ne abin da ma'aikacin zai ci musu a shekara idan komai ya cika. Sai dai kamfanin Kakuri ma yana biyan fansho da inshora, bai dai tara su a cikin adadinsa ba. Mudu biyu ne daban aka auna da su, shi kuma yaron ya ɗauka mudu ɗaya ne.

Alawus ɗin fita ƙauyen ya fi kowanne ruɗi. Naira 13,000 ne a kowane dare da aka kwana a waje, iyakarsa dare biyar a wata. An ɗauki matuƙar abin da zai yiwu, an ninka sau goma sha biyu. Na tambaye shi, akanta sau nawa yake fita ƙauye? Ya yi shiru. Ko ya fita ma, kuɗin masauki da abinci ne, a can zai bar mafi yawansu. Muka cire shi gaba ɗaya daga lissafi.

Takarda ta uku shafi ɗaya ce tak: 430,000 a wata a dunƙule, a ciki har da 15,000 na magani, gwajin aiki wata shida, fansho kuma "bisa tsarin kamfani". Gidanta a fallenmu kusan duk alamar tambaya ce.

Fansho: kashi nawa, kuma na me?

Dokar garambawul ga fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya saka aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci aƙalla kashi 8, a zuba cikin asusun ajiyar ritaya na ma'aikacin, wanda ake kira RSA. Wannan kowa ya haddace. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tambaya ta biyu: kashi goma sha takwas ɗin na wane kuɗi ne? Dokar ta bar wa yarjejeniyar aiki ta fayyace, amma ta sa ƙasa: ba zai gaza jimillar besik da alawus ɗin gida da na sufuri ba. A nan ne kamfanoni ke bambanta, kuma nan ne dalilin da ya sa wasu ke matse waɗannan ukun su kumbura sauran alawus.

Kamfanin Kakuri ya tsaya daidai kan ƙasan da doka ta sa. Besik da gida da sufuri sun kama 240,000. Za a cire wa yaron 19,200, kamfani ya ƙara 24,000, asusunsa ya samu 43,200 a wata, wato 518,400 a shekara. Waccan 160,000 ɗin ba ta haifa masa ko sisin kwabo na fansho. Halal ne a doka, amma ya kamata ya sani.

Ƙungiyar kuwa a kan dukan albashin 350,000 take lissafi. Nasa 28,000, nata 35,000, jimilla 63,000 a wata, 756,000 a shekara. Ga shi albashinta ya fi ƙanƙanta, amma fanshonta ya ɗara na Kakuri da kusan dubu ɗari biyu da arba'in a shekara. Na nuna masa wannan da kyau, domin ban so ya ɗauka na zo in kushe zaɓinsa ne.

Na ukun sai da muka tambaya. Na sa shi ya aika saƙon imel, ba kiran waya ba, saboda amsar da aka rubuta ita ce ake iya nunawa gobe. Tambayoyi uku kawai: kashi nawa, a kan wane adadi, daga wane wata? Amsa ta zo bayan kwana biyu. Kashi 8 da kashi 10, a kan besik na 100,000 kaɗai, kuma sai bayan an tabbatar da shi a aiki. Wato 18,000 a wata, 216,000 a cikakkiyar shekara, a shekarar farko kuma rabin haka. Kamfanin yana da ma'aikata sama da ashirin, dokar kuma ta hau kan duk kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Lissafi a kan besik kaɗai ya gaza abin da doka ta ce, kuma dokar ba ta ware watannin gwaji ta ce a dakata ba. Na ce masa wannan ya wuce maganar ƙarancin kuɗi. Wanda ya rage mudu tun a takarda, dole ka tambayi kanka ko abin da ya yanka ma yana kaiwa inda ya dace.

Domin yankewa daban, zubawa daban. Na sha ganin ma'aikaci da takardar albashinsa ke nuna an cire fansho kowane wata, ya je wurin kamfanin da ke kula da asusunsa, wato PFA, ya tarar shekara biyu ba a saka komai ba. Doka ta ba mai aiki kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi ya zuba kuɗin, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata na jinkiri. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana ba kamfanonin da suka cika ƙa'ida takardar shaida kowace shekara, tana kuma wallafa sunayensu. Amma hanyar da na fi yarda da ita ita ce a samu wani da ke aiki a wurin a tambaye shi, yaushe rabonka da ganin saƙon shigar fansho a wayarka? Yaron yana da abokin karatu a kamfanin Kakuri, ya nuna masa saƙonnin wata shida a jere.

Ya kuma tambaye ni abin da mutanenmu da yawa ke tambaya, batun kuɗin ruwa. Na gaya masa tun 2021 akwai asusun da ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa, wanda ake kira asusu na shida, kuma shi ne zai nemi PFA ɗinsa ya mayar da shi can. Wannan ba ya cikin abin da mai aiki ke yanke wa mutum, don haka bai shiga kwatancenmu ba. Asusun nasa ne, lambarsa ɗaya ce, duk inda ya koma aiki da ita zai tafi.

Abin da zai shiga aljihu

Sai muka sauko kan haraji, tunda duk alawus ɗin da ake biya kuɗi a hannu yana shiga lissafinsa. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ke biye kashi 15 ne, miliyan tara da ke bin wannan kuma kashi 18. Kafin a fara ana cire kason fanshon ma'aikaci, da rangwamen haya, wanda yake kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. Yaron yana biyan haya 600,000 a Rigasa, rangwamensa 120,000 ke nan, in ya gabatar da shaidar biya.

Ba zan jera dukan lissafin ba. Bayan fansho da haraji, Kakuri za ta bar masa kimanin 331,500 a wata, ƙungiyar kimanin 283,300, kamfanin titin Ahmadu Bello kimanin 365,300. Ya daɗe yana kallon adadin ƙungiyar.

"Kawu, wato mai miliyan shidan ita ce ta ƙarshe?"

Na ce a kuɗin wata, ita ce. Amma kada ya yi saurin juyawa ya rungumi ta ukun, domin kuskure ɗaya ne zai sake yi ta wata ƙofa. Muka tara kuɗin hannu na shekara, har da kuɗin hutu da wata na goma sha uku bayan haraji, muka ɗora fanshon da zai shiga asusunsa. Kakuri ta ba da kimanin miliyan 4.62, kamfani na uku kimanin miliyan 4.60, ƙungiyar kimanin miliyan 4.44. Takardun da a sama suke da tazarar sama da miliyan ɗaya, a ƙasa tazararsu ba ta kai dubu ɗari biyu ba. Tsakanin Kakuri da na ukun ma dubu goma sha biyar ce kacal a shekara.

A nan na yi kuskure, kuma shi ya kama ni washegari. Na lissafa kuɗin hutun Kakuri a shekarar farko, alhali takardar ta ce sai bayan an cika wata goma sha biyu ana aiki. Haka wata na goma sha uku na ƙungiyar, sai wanda ya kai ƙarshen kwantiragin. Dole muka sake fallen, muka yi layin shekarar farko daban da na shekara ta biyu. Da muka yi haka sai wani abu ya fito fili: ƙungiyar ba ta da layin shekara ta biyu. Kwantiragin wata goma sha biyu ne, sabuntawa kuma sai in masu ba da tallafi sun ci gaba. Gaskiya ne cewa wanda ya rasa aiki ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya cirar kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa, amma wannan ba abin da magidanci zai jingina da shi ba ne.

Lafiya ita ta raba gardama

Tunda kuɗin sun yi kusa da juna, sai muka koma kan abin da ya kamata mai mata da ciki ya fara dubawa. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma kalmar "akwai inshora" a takardar ɗaukar aiki ba ta gaya maka komai. Abin da ake nema shi ne jadawalin amfanin tsarin daga kamfanin da ke gudanar da shi, wato HMO. Takardar ɗaukar aiki ba ta zuwa da shi, sai an roƙa. Muka roƙa a wurare biyun, duka suka turo.

Abu huɗu muka nema a ciki. Su wa tsarin ya ɗauka? Wane asibiti? Mene ne iyakar kuɗi a kan haihuwa da tiyata? Kuma akwai lokacin jira kafin a fara amfana?

Tsarin Kakuri ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da yara huɗu, irin tsarin da aka saba gani a aikin gwamnati. Awon ciki da haihuwa suna ciki, tiyatar haihuwa ma tana ciki har zuwa wani adadi da aka rubuta, kuma babu lokacin jira. A jerin asibitocinsu akwai wanda matar ke zuwa awo. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin katin da asibitinsa yake Barnawa ba ya amfanar mai naƙuda a Rigasa da ƙarfe biyun dare. Na sa shi ya je asibitin da ƙafarsa ya tambayi teburin da ke karɓar masu inshora ko suna karɓar katin wannan kamfani a halin yanzu. Jerin sunaye yakan tsufa, asibiti kuma yakan daina karɓar kati idan ana riƙe masa kuɗi. Suka ce suna karɓa.

Tsarin ƙungiyar ya fi tsada, iyakokinsa na tiyata da kwanciya sun fi yawa, amma ma'aikaci da mutum ɗaya kawai ya rufe, kuma haihuwa sai bayan wata tara da shiga. Ga matar da ke da ciki wata huɗu, wannan daidai yake da babu. In ya sa sunanta, yara biyu suna waje. Waccan 250,000 da aka tara masa a cikin miliyan shida, abin da za ta saya masa bai dace da gidansa ba, ko da yake zai yi wa saurayi ko mai sabon aure daidai.

Na ukun ba inshora ba ce sam. Naira 15,000 ce a wata, 180,000 a shekara, tana cikin albashin da muka riga muka ƙirga, haraji kuma ya ci rabonsa a ciki. Zazzaɓin yara za ta iya ɗauka. Ranar da likita ya ce sai an yi aiki, daga aljihunsa ne, ko daga aljihun dangi.

Mahaifiyarsa, yayata, tana shan maganin hawan jini, kuma babu takardar da ta rufe ta. Haka abin yake kusan ko'ina: iyaye, mata ta biyu, da yaro na biyar ba sa shiga sai da ƙarin kuɗi, in ma tsarin ya yarda. Duk mai iyali babba ya tambayi wannan tun kafin ya sa hannu. Ita dai muka yanke zai je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KADCHMA, ya yi mata rajista daban, ko wane aiki ya karɓa.

Akwai layi guda da bai so mu tsaya a kai ba, ni kuma na nace. Dokar fansho ta wajabta wa mai aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, wadda za a biya magadansa in ya rasu yana kan aiki, kuma mai aiki ne ke biyan kuɗinta. Kakuri da ƙungiyar duk sun ambace ta. Kamfani na uku bai ambata ba, da aka tambaya kuma aka amsa sauran tambayoyin aka tsallake wannan. Gurbin ya zauna da alamar tambayarsa.

Inda aka tsaya

Lissafin nan yana da iyaka, na kuma faɗa masa. Bai auna abin da zai koya a kowane wuri ba, bai auna ƙofofin da aikin ƙungiya kan buɗe wa mutum nan gaba ba. Da ba shi da iyali, da na ce ya yi tunani sosai a kan ƙungiyar, saboda fanshonta da gogewarta. Motar ma'aikata da kamfanin Kakuri ke da ita, wadda ke ɗauka a Bakin Ruwa, ba mu sa mata farashi ba, mun dai rubuta ta a gefe, tunda ba a cikin takarda take ba, kuma abin da ba a rubuta ba ana iya janye shi kowace rana.

Kafin ya amsa, ya koma wa ƙungiyar da tambaya ɗaya: za su iya faɗaɗa inshorar ta ɗauki yaran, su kuma ɗage jiran haihuwar? Suka amsa cikin mutunci cewa yaran za su shiga in ya biya bambancin, amma jiran yana cikin yarjejeniyarsu da kamfanin inshora, ba za su iya taɓa shi ba. Ga kamfanin Kakuri kuma ya nemi abu biyu a rubuce: ranar da inshorar za ta fara, da cewa fansho zai fara daga albashin farko. Suka ƙara sakin layi biyu a takardar, suka sake turowa. Ita ya sa wa hannu, ya kuma ba su lambar RSA ɗinsa a ranar da ya fara.

Katin asibitin ya fito a mako na uku. Albashin farko ya shiga ranar 26 ga wata, na ce masa ya ƙirga kwanakin aiki bakwai, ya ƙara 'yan kwanaki don kuɗin su bayyana a asusun. A mako na biyu na sabon wata ya turo mini hoton saƙon da ya shigo wayarsa daga PFA ɗinsa, 43,200, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, sun shiga."